Idan Hirar Ɗalibi da Mai Duba Aikinsa Ta Ɓace

A jami'o'inmu yau, yawancin gyaran da malami ke yi wa ɗalibin da ke rubuta kundin digiri ta WhatsApp yake tafiya. Malam zai turo saƙon murya ya ce a rage manufofi, ko a canja take. Ranar da aka ƙwace wayar ɗalibin, ko ta faɗa ruwa, duk wannan gyaran ya bi ta, domin kamfanin ba ya ajiye saƙon da ya riga ya isa ga mai shi. Hira tana dawowa ne idan an kunna ajiyarta tun farko, a Google Drive ga masu Android ko a iCloud ga masu iPhone, sannan a sa manhajar a sabuwar waya da lambar nan da asusun nan. Wanda bai kunna ba, ko ya dawo da layinsa, fanko zai tarar.

A nan ɗalibai da yawa ke yin shiru, su ci gaba da rubutu da abin da suka tuna. A ganina wannan ya fi asarar wayar muni. Wata biyu za su shuɗe, a kai babi na uku, malam ya ce ba haka aka yi da shi ba.

Mu ɗauki misalin wata ɗaliba a sashen Hausa, tana nazarin karin maganar 'yan kasuwa a Kano. Kafin ta rubuta wa malaminta komai, sai ta tattara abin da ya rage a hannunta: takardar neman amincewa da take wadda sashe ya sa wa hannu, daftarin babi na ɗaya mai jan biron malam a gefe, da littafin da take rubutu a ciki idan ta je ofishinsa. Takardar sashe ta ba ta take. Jan biro ya nuna an soke manufa ɗaya cikin huɗu. Daga manufofi ukun da suka rage ta sake gina tambayoyin bincike uku, kowace tambaya da manufarta, ta jera su cikin babi biyar da aka saba. Abu ɗaya ne ba shi da shaida a rubuce, wato farfajiyar bincike, domin ta saƙon murya aka yi maganarta. Sai ta rubuta:

"Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ce ɗalibarka mai aiki a kan karin maganar 'yan kasuwa. An sace wayata makon jiya, hirarmu duka ta tafi da ita. Na sake tsara aikin, ga shi na haɗo da wannan saƙo. Take da manufofi uku na ɗauko su daga takardar sashe da gyaran da Malam ya yi a babi na ɗaya. Abin da na ja wa layi a ƙasa kuwa tunawa kawai na yi: kamar Malam ya ce in tsaya a Kasuwar Kurmi, in bar Kantin Kwari. Ina roƙon Malam ya tabbatar mini ko ya gyara. Ba zan shiga babi na uku ba sai na ji daga gare ka. Na gode."

Ƙarfin wannan saƙo yana wurin da ta raba abin da ke da shaida da abin da take zato. Malamin da ke duba ɗalibai da dama ba zai riƙe kowace magana a ka ba. Idan aka ce masa "kamar yadda ka ce" a kan abin da bai ce ba, yana iya amsawa da "to" cikin sauri, kuskuren ya fito fili ranar kare kundi, gaban wasu malamai. Da ta ja layi, ta mayar da aikinsa amsar tambaya ɗaya. Ba ta kuma cika shi da labarin yadda ɓarawo ya yi ba, jimla ɗaya ta wadatar.

Akwai abin da ake yawan mantawa: hirar tana nan a wayar malam, muddin bai goge ba. Idan akwai fahimta a tsakani, ɗalibi zai iya roƙonsa cikin ladabi ya sake turo saƙonnin muryar, ko ya buɗe hirar ya zaɓi Export chat ya aiko da ita ta imel. Amma a fara kai tsarin da aka sake ginawa, kada a ce malam ya yi tonon da ɗalibi bai yi ba.

Ɗalibai, ku duba Chat backup a wayoyinku yau, kuma duk gyaran da ya zo da murya a rubuta shi a littafi da kwanan wata a ranar da ya zo.