Sunan da ke saman saƙon waya, wa ya tantance shi?

Idan saƙon banki ya shigo wayarka, ba lamba kake gani a sama ba, sunan bankin kake gani. Da yawanmu mun ɗauka kamfanin waya ne ya duba ya tabbatar da mai aikowa kafin ya liƙa sunan. A asalin tsarin SMS ba haka abin yake ba. Wurin sunan fili ne kawai da mai aikawa ke cikewa da kansa, mai ɗaukar haruffa da lambobi 11, kuma ba a gina masa wata hanyar tantancewa ba. Duk wanda ya samu ƙofar tura saƙo da yawa ta intanet zai iya rubuta sunan da ya ga dama.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne wayar da kanta. Tana jera saƙonni ne bisa sunan mai aikowa, don haka saƙon ɗan damfara da ya ari sunan bankinka zai faɗo ƙarƙashin alat ɗinka na gaskiya, a jeri ɗaya. Haka aka yi wa masu ajiya a bankin OCBC na Singafo a Disambar 2021: mutum kusan 790 suka yi asarar dalar Singafo miliyan 13.7. Daga 31 ga Janairun 2023, duk saƙon da ya zo da sunan da ba shi da rajista a ƙasar sai aka riƙa sauya masa suna zuwa "Likely-SCAM". Tun da ba a iya gyara tsohon tsarin daga tushe, sai kamfanonin waya suka kafa shinge a bakin ƙofarsu. Na'urar tacewa tana duba sunan kowane saƙo da hanyar da ya biyo, ta gwada da jerin waɗanda aka amince wa. Wanda ba ya ciki, ko a jefar da saƙonsa, ko a maye sunan da wani.

A ce wata makarantar Islamiyya a Kano tana son sanar da iyaye ranar komawa karatu. Ba wajen MTN ko Airtel za ta je kai tsaye ba. Akwai dillalan saƙo da ke tsakani, su ne ke miƙa buƙatar ga kowane kamfani. Hedimasta ya zaɓi MAKARANTARMU, sai aka dawo masa da shi, domin haruffa 12 ne, ya zarce da ɗaya. Harufanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, su ma ba sa shiga, don babu su a jerin haruffan da filin ya sani. Bayan ya gyara, dillali zai nemi takardar rajistar CAC, da wasiƙa a takardar makarantar mai ba shi izinin amfani da sunan, da samfurin saƙon da za a riƙa turawa. Ana son sunan ya yi daidai da na takarda, kuma wanda ya yi kama da na banki ba ya wucewa sai da shaidar lasisi.

Samfurin nan shi mutane suka fi rainawa, alhali da shi ake yanke hukuncin ko saƙon talla ne ko sanarwa. Tun 2016 hukumar NCC ta ba masu layi damar toshe saƙonnin talla ta lambar 2442. Idan makarantar ta bi hanyar talla saboda araha, duk uban da ya toshe talla ba zai ji ranar komawa ba, ko da sunan yana da rajista.

Kowane kamfani da nasa jerin, shi ya sa ake samun amincewa a wani layin, wani kuwa shiru. Kafin a tura wa iyaye, a gwada da layin kowane kamfani, a kuma duba rahoton isarwa a shafin dillali: `DELIVRD` na nufin ya isa, `REJECTD` an ƙi shi. Idan duk masu layin kamfani ɗaya ne ba su samu ba, a tuhumi rajista. Idan tsilli-tsilli ne a ko'ina, an fi zargin toshe talla. Idan kuwa saƙon ya iso da wani baƙon suna, an sauya shi ne a hanya, kuma dillalin ne zai yi bayani.

Rajista ba ta rufe kowace kafa ba. Ɗan damfara yana iya turowa da layin waya na yau da kullum, ko ya lallaɓo da suna mai kama, harafi ɗaya kawai ya bambanta. Saboda haka, ko da sunan bankinka ka gani a sama, saƙon da ya nemi lambar sirri ko ya ce ka latsa wani adireshi cikin gaggawa, ka ajiye shi ka kira lambar da ke bayan katinka.