Yadda cinikin hannun jari da rance ke cinye jari cikin ƙiftawa

Masu dillancin hannun jari kan bai wa abokan hulɗarsu rance domin su sayi fiye da abin da kuɗinsu zai iya saya, a riƙe hannun jarin a matsayin jingina. Hatsarin tsarin shi ne, idan farashi ya faɗi bashin ba ya raguwa, asarar duka tana faɗawa ne kan kuɗin mai saye.

Misali, mutum yana da ajiyar naira miliyan 1, ya ranci wata miliyan 1, ya sayi hannun jari na miliyan 2. Idan farashi ya sauka da kashi 25 cikin ɗari, darajarsu za ta koma miliyan 1.5. Dillali yana bin sa miliyan 1 cif, saboda haka rabonsa ya koma naira 500,000. Kasuwa ta faɗi da rubu'i, shi kuwa ya rasa rabin ajiyarsa. Idan faɗuwar ta kai kashi 50, ba shi da ko kwabo, ga kuma kuɗin ruwa da ke hauhawa a kullum.

Sai dai dillali ba ya jira a kai nan. Yarjejeniyar rancen takan ƙayyade mafi ƙarancin rabon da mai saye zai riƙe. A ce kashi 30 aka tsayar: da zarar darajar jarin ta yi ƙasa da kimanin naira miliyan 1.43, za a nemi ya ciko kuɗi cikin ɗan lokaci. In ya gaza, sai a sayar da hannun jarinsa ba tare da jiran yardarsa ba, a daidai lokacin da farashi ya yi ƙasa. Wanda ya saya da kuɗinsa yana iya haƙuri har kasuwa ta farfaɗo, amma mai rance an riga an fitar da shi.

Nijeriya ta ɗanɗana wannan. A watan Maris na 2008 kasuwar hannun jari ta Legas ta kai ƙololuwa, bayan bankuna sun yi ta ba da rancen sayen hannun jari, sannan ta rasa fiye da rabin darajarta cikin shekara guda. Sayarwar dole ta ƙara karya farashi, basussuka suka maƙale. A watan Agusta na 2009 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar, ya kuma zuba musu naira biliyan 420.

Kafin sa hannu kan irin wannan yarjejeniya, ya kamata mutum ya lissafa farashin da za a kira shi ya ciko, ya kuma tambayi kansa ko yana da kuɗin cikon a hannu. Idan amsar ita ce sai ya sayar da fili ko ya sake cin bashi, to rancen ya fi ƙarfinsa.