Yadda Ake Fid Da Bayan Zanen Ɗigo-Ɗigo A Kwamfuta

Jama'a, a ƙungiyarmu ta kwamfuta muna shirya wani ɗan wasa, ni aka ba aikin zana mahayin doki irin na hawan salla a Kazaure. Irin wannan zane da ɗigo-ɗigo ake yinsa, watau fiksil, kamar ɗinkin hula: kowane ɗigo yana da gidansa da launinsa guda. Nawa ɗigo 32 ne a tsaye, 32 a kwance. Kafin a sa shi cikin wasan sai an fid da farin da ke bayansa, in ba haka ba doki zai riƙa yawo cikin farin akwati.

Da GIMP muke aiki, don kyauta ne. Da fari sai a shiga Layer, Transparency, a danna Add Alpha Channel. In an tsallake wannan, abin da aka goge launin baya ne zai maye gurbinsa, ba sarari ba.

Daga nan sai a ɗauki Fuzzy Select. To, nan fa ake yin ɓarna. Akwai ma'auni mai suna Threshold, wanda ke zuwa a kan 15, watau duk launin da ya kusa da wanda aka taɓa, da shi za a haɗa. Farin bayan zanena 255 ne, na rawanin mahayin 245. Tsakaninsu 10 kurum, saboda haka inda rawani ya taɓa baya sai na'urar ta haɗiye shi, a bar bawan Allah kai ba rawani. Maganin abin a mai da Threshold 0. A kuma cire alamar Antialiasing da ta Feather edges, don su ne ke sa gefe ya yi dishi-dishi, wani ɗigon ya gogu rabi. Sa'an nan a taɓa farin, a danna Delete.

Fuzzy Select farin da ke haɗe da juna kaɗai yake kamawa. Wanda ya maƙale tsakanin linzami da wuyan doki sai an riƙe Shift an taɓa shi dabam. Wasu sun fi son Select by Color don sauri, amma ni ban cika yarda da shi ba, gama har farin idon doki yake kwashewa.

Don a gane ko aiki ya yi, sai a shimfiɗa launi mai ƙarfi, kamar ff00ff, a ƙarƙashin zanen, a ƙara girman gani zuwa 800%. Duk ɗigon da ya saura zai fito fili. A goge su ɗai-ɗai da Eraser mai girman ɗigo 1, da alamar Hard edge. In sun yi yawa kamar an watsa gero, to an taɓa ajiye zanen a JPEG, wanda ke dama launuka a gefe, ba ya kuma riƙe sarari. Gara a nemo na asali. In an gama a cire shimfiɗar nan, a ajiye a PNG.