Gajerun haruffan takardun kan iyaka: abin da ya kamata ka sani

Ranar Lahadi, idan kasuwar Illela ta cika, ba za ka rasa ganin mutum ya shimfiɗa takarda a kan kujerar babur yana ɗaukar hotonta da waya ba. Zai tura wa ɗansa da ke karatu a Sakkwato, ko wani abokin ciniki a Birnin Kwanni, ya ce a karanto masa da Hausa. Dogayen kalmomin takan zo da sauƙi. Inda gizo ke saƙa shi ne wurin ƴan haruffan nan uku ko huɗu da ke tsaye su kaɗai a bakin akwati, irin su NIN, BVN, NIF da TTC.

Mene ne waɗannan haruffa?

Dogon suna ne aka taƙaita, aka ɗauki harafin farko na kowace kalma. Takardun Najeriya daga Turancin Ingilishi ake yanko nasu, na Nijar kuwa daga Faransanci. Shi ya sa abu ɗaya kan zo da fuska biyu a tsakanin Illela da Kwanni. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ECOWAS ce a wannan gefe, a can kuma CEDEAO, ko da yake Nijar ta fice daga cikinta a watan Janairun 2025. Harajin da ake ɗorawa a kan kayan saye VAT ne a nan, TVA a can.

Me ya hana a mayar da su Hausa kawai?

Domin yawancinsu sunan wata rajista ce da wata hukuma ke riƙe da ita. Idan mai karanto maka ya ce "lambar shaida", bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka wacce ba. NIN lambar zama ɗan ƙasa ce da hukumar NIMC ke bayarwa. BVN ta banki ce, Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014 don a gane mai asusu ta hanyar zanen yatsunsa. Dukansu lambobi goma sha ɗaya ne, ko da ka saka wannan a gurbin waccan akwatin zai cika daidai, kai kuma ba za ka ga kuskuren da ido ba sai na'ura ta ƙi karɓa. NIF kuma ta Nijar ce, lambar biyan haraji ta ɗan kasuwa ko kamfani. Takwararta a Najeriya ita ce TIN. Babu abin da ya haɗa NIF da NIN sai kamar haruffa.

Saboda haka ka roƙi mai karanto maka ya bar haruffan yadda suke a rubuce, sannan ya faɗa maka wa ke bayar da lambar da kuma abin da ake yi da ita.

Ina hoto yake kawo matsala?

Doguwar kalma ko rabinta ya goge, mai karatu zai cike sauran da kansa. Haruffa uku ba su da wannan gata. In takardar ta lanƙwashe a aljihu, ko hasken rana ya faɗa a kan harafin ƙarshe, NIF ta koma NIN. Hatimi ma yakan hau kansu, kuma hoton da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya yana dusashewa.

Ga misali. A ce ka sayi tayar babur guda 20 a wani shago a Kwanni, aka ba ka rasit. A sama akwai NIF da RCCM na mai shagon. Ta biyun lambar rajistar kasuwancinsa ce, ba abin da ake so ka cike. A tsakiya an rubuta PU 5.000, ma'ana kuɗin guda ɗaya sefa dubu biyar. A ƙasa akwai layi uku: HT 100.000, TVA 19.000, TTC 119.000. HT shi ne jimillar kuɗi kafin a sa haraji, TVA harajin ne, wanda a Nijar yawancin kaya kashi 19 cikin ɗari ne, TTC kuwa abin da za ka ciro daga aljihu bayan an haɗa komai.

To, ka ɗauki hoto, babban yatsanka ya danne gindin takardar, layi biyun ƙarshe ba su fito ba. Yaronka da ka tura wa ya ga HT 100.000, bai san Hausarta ba, sai ya rubuto maka "jimilla dubu ɗari". A kan haka ka yi lissafin ribarka, ashe akwai sefa dubu 19 da ba ka sa a ciki ba. Yadda za ka gane da kanka shi ne ka ninka kuɗin guda ɗaya da yawan kayan. In abin da ya fito ya yi daidai da adadin da ke gefen HT, to akwai sauran layi a ƙasa, ka neme shi. Kada kuma a lissafa maka harajin da kashi 7.5, wannan na Najeriya ne tun 2020.

Af, ko a Hausar ma sai an yi hattara. In ɗan Kwanni ya ce maka jika ɗari, sefa dubu ɗari yake nufi, alhali a bakin ɗan Najeriya jaka ɗaya naira ɗari biyu ce. A rubuto maka adadin da lambobi.

Wacce ce ta fi rikita mutane?

A ganina NOK ce, wadda ake samu a takardun banki, asibiti da na neman aiki. Mutane sun saba fassara ta da "magaji", kuma wannan fassara ta haddasa ɓacin rai a gidaje da dama. Abin da akwatin ke nema shi ne makusancin da za a tuntuɓa idan wani abu ya same ka. Sa sunan ƙaninka a wurin bai mayar da dukiyarka tasa ba, bai kuma cire kowa daga gado ba. Rabon gadon Musulmi yana nan yadda shari'a ta tsara. Don haka ka sa wanda wayarsa ke shiga, wanda kuma zai iya tasowa in an kira shi.

LGA ba ta da wuya, ƙaramar hukuma ce. Sai dai ɗan Nijar ba shi da LGA a Najeriya, don haka kada ya ari Illela ya rubuta saboda akwatin ya cika. Ya tambayi mai karɓar takardar abin da baƙi ke sawa. DOB ranar haihuwa ce. N/A kuwa ana rubuta ta ne a akwatin da bai shafe ka ba.

Nawa abin zai ci maka?

Duba lambarka ba tsada. A layin da ka yi rajista da shi, danna `*346#` don ganin NIN, ko `*565*0#` don BVN, za a cire ɗan kuɗi kaɗan daga katin wayarka. Kuskure shi ke da tsada: a dawo maka da takarda, ka sake biyan mai cikewa, ka sake kuɗin mota, wataƙila ma kasuwar makon ta wuce ka.

Idan za ka ɗauki hoton, shimfiɗa takardar a inuwa, ka tabbata kusurwoyinta huɗu sun fito har da kan takardar, domin daga nan ake gane ta wace ƙasa ce. Sai ka ƙara hoto na biyu a kusa da haruffan da suka shige maka duhu. Ka tura ta tun ba a cike ta ba, in kuwa an riga an cike, rufe BVN da ranar haihuwarka da ƴar takarda kafin ka danna.