Rage gudun fanka da tsohuwar regileta bai cika rage kuɗin wuta da rabi ba

A lokacin zafi, magidanta da dama na mayar da regiletar fankar sama kan lamba 1 ko 2, da zaton kuɗin wuta zai ragu da rabi. Yana raguwa, amma da tsohuwar regileta bai cika kaiwa haka ba.

Tsohuwar regileta, mai babban akwati da ramukan shan iska, tana rage gudun fanka ne ta hanyar tare wani ɓangare na ƙarfin lantarki, kuma wannan ɓangare zafi yake komawa. Mita kuwa tana ƙirga shi. Idan aka taɓa akwatin bayan awa guda aka ji ɗumi, wannan ɗumin ma ana biyan kuɗinsa. Regileta mai kafasita ba ta wannan ɓarna.

Babbar asara tana cikin awoyi. Fanka ba ta sanyaya ɗaki, gumin jiki take busarwa, don haka ba ta da amfani a ɗakin da ba kowa. Fanka mai wat 75 da ke juyawa dare da rana tana cin kilowat-awa 54 a kwana 30. Kashe ta awa 10 kullum, lokacin da aka tafi kasuwa ko makaranta, yana rage 22.5.

Mai shirin sayen sabuwa ya tambayi mai injin BLDC, wadda ke cin wat 30 zuwa 35 a cikakken gudu, kodayake ta fi tsada.