Ranki da Naliti: Lissafin da Ke Kama Sharaɗin da Ya Maimaita Kansa

Idan aka ba ɗalibi sharuɗɗan lissafi uku da haruffa huɗu da ake neman ƙimarsu, yakan ɗauka cewa harafi ɗaya ne zai rage babu takura. Sau da yawa ba haka abin yake ba, kuma akwai ƙa'ida a fannin aljabara da ke faɗin ainihin adadin. A littattafai ana rubuta ta haka:

rank(A) + nullity(A) = n

A nan, A matiriks ne, wato jadawalin lambobi mai layukan kwance da na tsaye. Masanin lissafi ɗan Ingila, James Joseph Sylvester, shi ya raɗa wa jadawalin wannan suna a 1850, shi ne kuma ya kawo kalmar naliti a 1884. Ranki kuwa Bajamushen nan Georg Frobenius ya fayyace shi a 1879.

Ranki shi ne yawan layukan da ke cin gashin kansu, waɗanda ba za a iya haɗo su daga sauran ba. Naliti shi ne yawan haruffan da mutum zai zaɓa wa ƙimar da ya ga dama wajen warware Ax = 0. Shi kuwa n, yawan layukan tsaye ne, domin kowane layin tsaye yana wakiltar harafi ɗaya.

Ga jadawali mai layin kwance 3 da na tsaye 4, haruffansa x, y, z da w:

```
1  2  1  0
2  4  3  1
3  6  4  1
```

Aikin farko shi ne share lambobin da ke ƙarƙashin 1 na farko. A ninka layin farko sau biyu a debe shi daga na biyu, sai ya koma 0, 0, 1, 1. A ninka shi sau uku a debe daga na uku, shi ma ya koma 0, 0, 1, 1. Da aka debe na biyu daga na uku, sai sifili zalla ya rage:

```
1  2  1  0
0  0  1  1
0  0  0  0
```

Dama mai kaifin ido ya lura tun farko cewa layi na uku jimlar na ɗaya da na biyu ne. Kamar shaida na uku ne a gaban alƙali da ya zo ya maimaita abin da biyun farko suka faɗa: bai ƙara wa shari'ar komai ba. Saboda haka ranki 2 ne, kuma ƙa'idar ta ce naliti 4 − 2 = 2.

Za a iya tabbatar da hakan da hannu. Layi na biyu ya ce z = −w, na farko kuma ya ba da x = −2y + w. Ke nan y da w ne ke da 'yanci, x da z suna bin su. Idan y = 1, w = 0, amsar ita ce (−2, 1, 0, 0). Idan y = 0, w = 1, sai a sami (1, 0, −1, 1). A saka ta biyun cikin layi na biyu na asali: 2 − 3 + 1 = 0. Duk wata amsa ta Ax = 0 haɗin waɗannan biyun ce, babu ta uku mai zaman kanta.

Kuskuren da ya fi cin ɗalibai maki shi ne debe ranki daga yawan layukan kwance. Mai yin haka a nan zai ce 3 − 2 = 1, ya rasa rabin amsoshin. Ƙanin wannan kuskure shi ne ƙirga layukan da suka koma sifili a ce su ne naliti. A misalin nan layi ɗaya ne ya zama sifili, alhali naliti 2 ne. Dabarar tana aiki ne kawai idan layukan kwance da na tsaye sun zo daidai, kuma da yake yawancin misalan aji irin wannan jadawalin ne, ɗalibi kan saba da ita har ranar da za ta kayar da shi a jarrabawa. Hanyar gane an kauce mai sauƙi ce: a tara ranki da naliti, in ba su kai yawan haruffa ba, to akwai gyara.

Wasu kuma sukan ɗauka naliti 0 na nufin babu amsa ko ɗaya. Akwai amsa, ita ce kowane harafi ya zama sifili, sai dai ita kaɗai ce.

Na ƙarshe ya fi wuyar ganewa. Ƙa'idar ba ta yi alkawarin cewa Ax = b yana da amsa ba. A ɗauki b = (1, 1, 5). Tunda layi na uku jimlar biyun farko ne, dole lamba ta uku ta zama 1 + 1 = 2, ga shi kuwa an ba da 5, don haka babu amsa duk da naliti 2 ne. Idan aka mayar da b ya zama (1, 1, 2), amsoshi sun samu ba iyaka, kuma a nan ne naliti ke faɗin cewa haruffa biyu ne za a zaɓa wa ƙima, wato y da w.