Kai da Ƙafar Wasiƙa: Yadda Ake Auna Ladabin Larabci da Mudun Turanci

Ɗan kasuwar da ke sayo kaya daga Dubai ko Alƙahira, da mai kamfanin jigilar alhazai da ke kama masauki a Makka, ba sa rasa karɓar wasiƙa da Larabci. Sau da yawa sai an juya ta zuwa Turanci kafin banki ko lauya su duba. Tsakiyar wasiƙar, inda kuɗi da adadin kaya suke, ba ta cika ba mai fassara wahala ba. Inda ake tuntuɓe shi ne kai da ƙafa, wato gaisuwar buɗewa da sallamar rufewa. Layuka ne uku ko huɗu, amma su ne ke gaya wa mai karatu matsayin da aka ajiye shi.

Wasiƙar kasuwanci ta Larabci tana da tsari sananne. A ƙasashen Tekun Fasha galibi Bisimilla ce a sama, sai kwanan wata da lambar wasiƙa, sai wanda aka rubuta wa tare da laƙabinsa, a biyo da "almuhtaram", mai daraja. Idan kamfani ne sukutum sai a ce "assada", a kawo sunan kamfanin, a rufe da "almuhtaramin". A Saudiyya akan ƙara addu'a a gaban sunan, kamar "hafizahullah" ko "waffaƙahullah". Daga nan sai sallama cikakkiya, ko kuma "tahiyya ɗayyiba wa ba'ad", ma'ana gaisuwa mai daɗi, bayan haka. A ƙarshe kuma jimlar da kusan kowace wasiƙa ke rufewa da ita ita ce "wa tafaddalu bi ƙabuli fa'iƙil ihtirami wat taƙdir", wato ku daure ku karɓi matuƙar girmamawa da yabawa. Duk tsawon wasiƙar da lamirin jam'i ake yi wa mutum magana, "ku" ba "kai" ba, ko da shi kaɗai ne a ofishinsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tsari. "Bayan gaisuwa mai yawa" da "bayan haka" da muke buɗe wasiƙa da su sahu ɗaya suke da "wa ba'ad", kuma "haza wassalam" da dattawa ke rufewa da ita Larabci ce tsantsa. Al'adar ta daɗe. "Amma ba'ad" tana cikin wasiƙar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika wa Hiraƙla sarkin Rumawa. Malamin Masar Alƙalƙashandi, wanda ya yi aiki a ofishin rubuta wasiƙun sarakunan Mamluk, ya kammala littafinsa Subhul A'asha a 1412, kuma a bugun zamani ya kai juzu'i 14. Babban kaso na littafin bayani ne kan laƙabin da ya dace da kowane mai muƙami da irin addu'ar da za a yi masa. Abin da ke cikin wasiƙun kamfanoni a yau ragowar wancan ne, bayan an rage masa tsawo sosai.

Abin da ya kamata mai fassara ya riƙe shi ne, a wurin Balarabe waɗannan kalmomi ba wani karamci na musamman ba ne. Su ne matakin yau da kullum, kamar yadda ma'aikaci ke ce wa shugabansa "ranka ya daɗe" kowace safiya ba tare da yana neman wata alfarma ba. Turancin kasuwanci kuwa matakinsa na yau da kullum gajere ne ƙwarai. A tsarin Birtaniya, wanda makarantun Nijeriya ke koyarwa, idan ka buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam" sai ka rufe da "Yours faithfully", idan kuma ka ambaci sunan mutum sai ka rufe da "Yours sincerely". Amurkawa sukan wadatu da "Sincerely". To aikin shi ne a daidaita mataki da mataki, na kullum ya tafi ga na kullum, na musamman ya tafi ga na musamman. Ƙirga kalmomi ba ya cikin lissafin.

Bari mu ɗauki misali. A ce wani kamfani a Jidda ya sayar wa wani kamfani a Kano dabino, an biya wani kaso, saura riyal 85,000 kuma wa'adi ya wuce. Wasiƙar tuni ta zo kamar haka: sunan kamfanin Kano da "almuhtaramin", sai sallama da "wa ba'ad", sai "bil isharati ila", wato dangane da takardar kuɗi mai lamba kaza, sai "narjut takarruma bi sadadi", muna fatan ku yi karamcin biyan ragowar cikin kwana 15. Aka rufe da "shakirina lakum husna ta'awunikum", muna gode muku kan kyakkyawan haɗin kai, sannan jimlar matuƙar girmamawa.

Mai fassara kalma da kalma zai rubuta "After greetings", ya bi da "We hope you will be so generous as to pay", ya rufe da "Kindly accept our utmost respect and appreciation". Ba ƙarya ya yi ba, amma ya ɓata saƙon. Akawun da ya karanta wannan da Turanci zai ɗauka mutanen Jidda lallashi suke yi, kuma kwana 15 ɗin nan shawara ce kawai. Alhali a Larabcin wa'adi ne na gaske, an dai faɗe shi cikin lafazin da kowace wasiƙa ke amfani da shi. Fassarar da ta dace za ta buɗe da "Dear Sir or Madam", ta ce "With reference to invoice number" kaza, sannan "We would be grateful if you could settle the balance of SAR 85,000 within 15 days". Godiyar ta zama "Thank you for your cooperation", a rufe da "Yours faithfully". Ita "wa ba'ad" ba ta bukatar kalma, domin aikinta shi ne raba gaisuwa da batu, kuma a Turanci waƙafi da sabon sakin layi sun riga sun yi wannan aikin.

A lura da inda ladabin ya koma. Larabci ya tara shi a kai da ƙafa, Turanci kuwa yana ɓoye shi a cikin jimlar roƙon kanta. Tazarar da ke tsakanin "We would be grateful if you could" da "Please" da "We must ask you to" ita ce tsanin ladabin Turanci, daga sassauci zuwa tsanani. Wanda ya yanke doguwar sallamar Larabci, sannan ya rubuta "Pay within 15 days", ya faɗa ramin da ke ɗaya gefen, ya mai da wasiƙar mutunci ta zama umarnin mai ba da bashi da ya fusata.

To ta yaya za a gane idan marubucin ya fusata da gaske? Ba a ƙafar wasiƙa ake dubawa ba, kuma wannan ne kuskuren da na fi jin takaicinsa, domin yana jawo wa mutane asara. Wasiƙar da ke barazanar kai ka kotu ma da "fa'iƙil ihtiram" take rufewa. Alamun suna tsakiya. "Yasurruna", muna farin ciki, takan koma "yu'usifuna", muna baƙin cikin sanar da ku. Kalmar "attakarrum" takan ɓace, a maye gurbinta da "sur'atus sadad", gaggauta biya. Sai kuma a ga "wa illa", in ba haka ba, tare da ambaton "al'ijra'atul ƙanuniyya", matakan shari'a. Idan wasiƙa ta biyu daga Jidda ta zo a haka, dole Turancin ya hau mataki, ya zama "We regret to inform you" da "Unless payment is received", ko da rufewar ba ta canja ba.

Laƙabi ma yana da nasa tarkon. Larabci ya rarrabe su daki-daki: "jalala" ga sarki, "fakhama" ga shugaban ƙasa, "sumuwwu" ga ɗan sarauta, "ma'ali" ga minista, "sa'ada" ga jakada da manyan daraktoci, "fadila" ga malamin addini ko alƙali. Turanci ba shi da wannan yalwa a tsakiyar tsanin. A ƙasashen Tekun Fasha, "ma'ali" da "sa'ada" duka sukan fito a matsayin "His Excellency" idan jami'in gwamnati ne. Amma "sa'adatul mudir" da ake rubuta wa manajan kamfani mai zaman kansa ladabi ne kawai, kuma kiransa "Your Excellency" a Nijeriya, inda aka saba jin laƙabin ga shugaban ƙasa da gwamnoni da jakadu, abin dariya zai zama. "Dear Mr" da sunan danginsa ya wadatar. Haka "ustaz": mu a nan malamin addini muke nufi, amma a ofisoshin Masar da Saudiyya duk wani ma'aikaci mai mutunci ustaz ne, don haka "Mr" ce takwararsa.

Akwai wuri ɗaya da doguwar rufewar Larabci ke da tagwai a Turanci, shi ne harshen diflomasiyya, inda ake cewa "Please accept, Excellency, the assurances of my highest consideration". Idan wasiƙar ga minista ko jakada za ta, wannan ce daidai, kuma ma'aikatun gwamnatin Nijeriya suna amfani da irinta har yau. 'Yan'uwanmu na Nijar sun fi mu sauƙi a nan, domin wasiƙar Faransanci ta kasuwanci ma da doguwar jimlar girmamawa take rufewa, kusan sak da ta Larabci.

Idan aka juya akalar, daga Turanci zuwa Larabci, aikin ƙari ne ba ragi ba. Amsar da kamfanin Kano ya rubuta da "Dear Sir" ba za ta tafi da "azizi" ba, domin "azizi" ta fi kusa da yadda ake kiran aboki. Sai an mayar da laƙabi da "almuhtaram", da sallama, da lamirin jam'i, da cikakkiyar rufewa, ko da babu ko ɗaya a cikin asalin. In ba haka ba, mutumin Jidda zai ga wasiƙa tsirara, ya ɗauka an raina shi.

Duk wannan ya shafi wasiƙar da ake so ta yi aiki tsakanin abokan ciniki ne. Idan kuwa takardar za ta shiga kotu ko ofishin jakadanci a matsayin hujja, hukuncin ya canja. Fassarar da aka buga wa hatimi ana so ta nuna duk abin da ke kan takardar asali, don haka Bisimilla da sallama da addu'o'i da laƙubba duk sai a fassara su yadda suke, a bar kwanan watan Hijira a inda yake, a ƙara na Miladiyya a gefensa tare da nuna cewa ƙarin mai fassara ne. Shi ya sa mai fassara na ƙwarai, kafin ya taɓa layin farko, yakan tambayi wanda ya kawo takardar: "Alhaji, wa za a kai wa wannan, abokin cinikinka ko alƙali?"